Lissafin da sitatus ke ɓata wa mazaunin Saudiyya

Abin da ke ba ni mamaki a zaman Hausawa a Saudiyya shi ne yadda mutum biyu kan zauna suna hangen juna ta waya, kowanne yana ganin ɗayan ya tsere masa. Direban gida a Jidda ya buɗe sitatus ɗin WhatsApp bayan ya ajiye 'ya'yan mai gida a makaranta, ya ga abokin karatunsa a Kano ya sa hoton ɗaurin aure, wani ya sa harsashin gini, wani yana riƙe da makullin mota. Sai ya ji ransa ya sosu, ya ce shi ga shi nan shekaru suna tafiya a ɗakin bakin ƙofa. A daren nan kuma wancan abokin na Kano yana kallon hoton direban sanye da harami, Ka'aba a bayansa, yana cewa a ransa wane ya haye, mu ne muka rage a wahala. Ba zai yiwu dukansu su zama a baya ba. Akwai inda lissafin ya karkace, kuma ana iya nuna wurin da yatsa.

Tun 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam Ba'amurke, Leon Festinger, ya bayyana cewa idan mutum ba shi da ma'aunin da zai gane matsayinsa, sai ya auna kansa da wasu, kuma waɗanda yake zaɓa su ne masu kama da shi. Wannan shi ya sa direban nan zai wuni yana tuƙa motar mai gidansa ta ɗaruruwan dubban riyal, ya wanke ta, ya ajiye, ko gezau. Bai taɓa sa kansa a layi ɗaya da Balaraben ba. Amma tsohuwar Corolla da abokinsa ya saya a Kano tana iya hana shi barci, don tare suka zauna a benci ɗaya, tare aka yi musu bulala, kuma shi ya fi abokin ƙoƙari a aji. Ciwon yana zuwa ne daga tsara, ba daga attajiri ba. A da, tsaran mutum da yake gani kullum ba su wuce na majalisarsa ba, kuma yana ganinsu ranar samu da ranar rashi. Yanzu duk wanda suka taɓa musayar lamba yana cikin aljihunsa.

Mu ɗauki direban nan mu yi masa lissafi. A ce yana da lambobi 300 a wayarsa: 'yan uwa, abokan makaranta, 'yan unguwa, waɗanda suka haɗu a jirgi, alhazan da ya taɓa yi wa rakiya. A ce kuma Allah ya raba alheri daidai wa daida, kowa a cikinsu yana samun abin farin ciki sau uku a shekara, ko aure, ko suna, ko ƙarin girma, ko sabon babur, ko saukar karatun yaro. Shi ma direban sau uku, ba ragi. Uku sau 300 ya zama 900. Raba 900 a kan kwana 365, ka ga kullum akwai labarin daɗi biyu ko uku da za su faɗo masa. Ko da rabin mutanen ne kaɗai ke sa abinsu a waya, ba za a rasa guda ɗaya ba kowace rana. Nasa kuwa kwana uku ne a shekara. Sauran kwana 362 zai kalli bikin wani alhali shi yana cikin rana ta yau da kullum, yana jiran uwar gida ta fito daga kanti. Ba wanda ya yi ƙarya a wannan lissafi, ba wanda ya fi shi, amma abin da idonsa ya gani shi ne kowa na ci gaba ban da shi. Zuciya ba ta rarrabe cewa mai auren jiya daban, mai motar yau daban, mai ginin gobe daban. Tana haɗe su ta ƙera mutum ɗaya wanda ya yi aure jiya, ya sayi mota yau, zai tare gobe, sai ta ce ka gwada kanka da shi. Wannan mutumin babu shi a Kano, babu shi a ko'ina.

Abin ya fi tsanani a wasu watanni, don bukukuwanmu ba a warwatse suke ba. A Sha'aban ana rige-rigen ɗaura aure kafin azumi, bayan Sallah a sake ɓarkewa, ƙarshen shekara ma haka. Wanda ya ji ƙuncinsa ya ƙaru a irin waɗannan makonni ya duba kalanda kafin ya yanke wa rayuwarsa hukunci.

To ai alherin ma ba daidai aka raba shi ba, kuma ba kowa ke magana ba. Cikin 300 ɗin nan, masu cika sitatus kullum ba su da yawa, kuma galibi su ne masu abin nunawa ko masu sana'ar da ke buƙatar a gan su. Wanda aka kora daga aiki shiru yake yi. Wanda matarsa ta yi yaji ba ya sa hoto. Mu kuma al'adarmu ta ƙara wa abin nauyi, don an gina mu a kan rufin asiri: addu'ar da muka fi yi wa juna ke nan, kuma mutumin kirki a wurinmu shi ne wanda zai kwana da yunwa ya fito da wankakkiyar riga. Hali ne mai kyau, ban ce a bar shi ba. Sai dai idan jama'a gaba ɗaya suna ɓoye rashi suna bayyana samu, to duk wanda ya leƙa zai ga samu zalla, ya ɗauka shi kaɗai ne ɗakinsa ke yoyo.

Akwai kuma wata dabara ta lissafi da wani masanin zamantakewa, Scott Feld, ya fito da ita a 1991, cewa yawancin mutane abokansu sun fi su yawan abokai. Kamar wasa, amma ga yadda take. Ɗauki mutum biyar: wani Alhaji mai jama'a da mutum huɗu da suka san shi amma ba su san juna ba. Alhaji yana da aboki huɗu, kowanne cikin huɗun yana da aboki ɗaya. Idan kowa ya dubi abokinsa, mutum huɗu cikin biyar za su ga abokinsu ya ninka su sau huɗu, alhali su ne mafi rinjaye, Alhajin ne bare a cikinsu. Mai jama'a yana cikin wayar kowa, shi ya sa ake yawan ganinsa. Marar jama'a yana cikin wayar mutum kaɗan. Tunda kuwa masu jama'a su ne aka fi gayyata walima, su ne masu tafiye-tafiye, to abin da ke yawo a wayoyi ya karkata wajensu tun kafin wata manhaja ta sa hannu. Sannan manhajoji irin su Instagram da TikTok da Facebook su zo su ɗora nasu, don suna tura wa mutum abin da aka fi tsayawa kallo, kuma ba a tsayawa kallon mai shan koko a ƙofar gida.

Mazaunin Makka da Madina da Jidda yana da wani ƙarin da na Kaduna ba shi da shi. Mutanen gida da yake haɗuwa da su ido da ido ba talakawan gari ba ne, waɗanda suka iya biyan kuɗin jirgi ne. Kujerar Hajji ta hannun hukumar alhazai ta Najeriya ta haura naira miliyan 8 a 2025. Duk wanda ya sauka a filin jirgin Jidda ko na Madina, ko dai mai hali ne, ko ya shekara da shekaru yana tari, ko an biya masa, kuma yana cikin mafi daɗin kwanakin rayuwarsa, da guzuri a jaka da niyyar sayen tsaraba. A Ramadan kuma sai masu Umara su cika otal-otal ɗin da ke kallon Harami, suna ɗaukar hoton buɗa-baki daga bene. Wanda ke zaune a Shara Mansur ko Misfala a Makka yana ganin wannan ayari shekara bayan shekara, har ya fara ɗauka haka mutanen gida suka zama. Miliyoyin da ba su taɓa ganin cikin jirgi ba, ba ya ganinsu, ba sa zuwa.

Ta can gefen kuma, mutanen gida suna da nasu kuskuren, kuma na kuɗin canji ne. Riyal a ɗaure yake da dala tun 1986, riyal 3.75 a dala ɗaya. Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta yi ta gangarowa har dala ta haura naira 1,500 a 2024, wato riyal ɗaya ya kai kimanin naira 400. A ce albashin direbanmu riyal 1,500 ne. Ƙaninsa a gida zai danna waya ya ga naira 600,000, ya tuna mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne tun 2024, sai ya ce Yaya ai ya fi babban darakta. Daga nan buƙatu su fara sauka. Abin da ba a dannawa shi ne ragowar. A ce abinci ya ci 350, waya da data 100, ana tura wa gida 600, ana biyan bashin ejan da ya yi masa hanya 300. Abin da ya rage riyal 150 ne, kuma ciwon kai ɗaya ko rasuwa ɗaya a dangi ta isa ta share shi. Masu iyali a kan igama, wato takardar izinin zama, kuwa nasu ya fi haka. Tun Yulin 2017 aka sa wa baƙi ma'aikatan kamfanoni kuɗin zaman iyali, riyal 100 a wata kan kowane mutum, ana ƙara 100 duk shekara har ya tsaya a 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya uku yana biyan 1,600 a wata, 19,200 a shekara, kafin haya, kafin makaranta, ga harajin kaya da ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari a shekarar 2020 ɗin. Hoton da ya ɗauka a farfajiyar Harami kuwa kyauta ne. Marmara da fitilu da hasumiyar agogo na kowa ne, mai share titi da mai jirgin kansa bango ɗaya suke jingina. Na gida yana ganin bangon, ba ya ganin takardar sabunta igama.

Shi ma direban, in za a faɗi gaskiya, yana cikin masu ɓata wa wasu lissafi. Ba ya sa hoton ɗakinsa. Ranar Juma'a yake sa farar jallabiya ya tsaya gaban motar mai gida. Bai ce tasa ba ce, bai kuma ce ba tasa ba ce.

A nan ne nake ganin hadisin Asma'u 'yar Abubakar, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya zauna daram. Wata mata ta tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa tana da kishiya, ko akwai laifi ta nuna mijinta ya ba ta abin da bai ba ta ba. Ya amsa da cewa mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya ne. A lura da wadda ake son ta gani: kishiya, wato tsara, wadda abin zai yi wa ciwo. Mata masu aikatau a gidajen Riyad da Jidda sun san wannan fage sarai. Akwatunan lefe jere, gadon amarya, gwala-gwalai a wuya, duk suna wucewa ta gaban idon wadda ta gama goge-goge ƙarfe ɗayan dare, kuma ba ta da hanyar sanin wanne aka saya, wanne aka aro, wanne ake bin bashinsa. Ita kuma ranar da aka fita da ita kasuwa ta ɗauki hoto a gaban shagon zinari, ƙawarta a Gusau ta kwana tana tunani.

Me bincike ya nuna game da illar abin? Ya nuna akwai, amma ba kamar yadda masu wa'azin a jefar da waya ke faɗa ba. A 2018 Melissa Hunt da abokan aikinta a Jami'ar Pennsylvania sun ɗauki ɗalibai 143, suka sa wasu su taƙaita Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti goma kowanne a rana har mako uku. Waɗanda suka taƙaita sun samu sauƙin kaɗaici da ƙuncin rai fiye da waɗanda aka bari yadda suka saba. Wani gwajin da ya fi girma, na Hunt Allcott da Matthew Gentzkow da wasu, ya biya mutane kuɗi su rufe Facebook na mako huɗu a ƙarshen 2018. Sun ɗan ƙara jin daɗin rayuwa, amma ɗan kaɗan ne. Amy Orben da Andrew Przybylski kuma a 2019 sun bi bayanan matasa sama da 350,000 suka ga amfani da na'urori bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin ɗari na bambancin walwalarsu ba. Abin da na fahimta daga haɗuwar waɗannan shi ne yawan awannin ba shi ne maganar ba. Irin kallon ne. Philippe Verduyn da abokansa sun nuna a 2015 cewa zaman kallo shiru, mutum yana ja da yatsa bai yi wa kowa magana ba, shi ne ke rage walwala, kuma ta hanyar ƙyashi yake bi. Akwai kuma binciken Chou da Edge na 2012 da ya ga waɗanda suka tara abokan Facebook da ba su sani a zahiri ba sun fi yarda cewa rayuwar wasu ta fi tasu. Dalilin a fili yake: wanda ka sani, ka san sauran labarinsa.

Dukan waɗannan a kan Turawa aka yi su, yawanci ɗalibai da matasa masu fita su ga abokansu da yamma. Shawarar rufe waya gaba ɗaya ba ta dace da wanda wayar ce kaɗai ƙofarsa ta zuwa gida ba. Ta nan yake jin muryar mahaifiyarsa, ta nan yake ganin ɗansa ya fara tafiya, ta nan ake gaya masa rasuwa. Ka ce ya rufe, ka ƙara masa kaɗaici a kan kaɗaici. Abin da zai iya rabawa shi ne magana da kallo.

Illar da ta fi damuna ma ba ta ƙuncin rai ba ce, ta tsawon zama ce, kuma ita ma lissafi ke nuna ta. Mu koma ga direbanmu bayan ya gama biyan eja. Yanzu ragowarsa riyal 450 ce a wata. Da zai taho, niyyarsa ya tara abin aure daidai ƙarfi da ɗan jarin shago, a ce naira miliyan 3. A canjin 400, riyal 7,500 ke nan, wato wata 17. Kafin kwantiraginsa na shekara biyu na gaba ya cika ya gama, ya koma. Amma wata bayan wata yana kallon bikin da ake yi a ɗakunan taro, da amaren da ake kai wa gidan kansu, da angwayen da ke isowa a motarsu. A hankali miliyan 3 ta fara yi masa kama da abin kunya. Yaya za a ce mutum ya dawo daga Saudiyya ya yi aure a gidan haya? Sai burin ya koma miliyan 10. Riyal 25,000 ke nan, wata 56, shekara huɗu da wata takwas. Albashinsa bai canja ba, bukatarsa ta gaskiya ba ta canja ba, amma ya ƙara wa kansa fiye da shekara uku a ɗakin bakin ƙofa. A cikin shekarun nan kuma zai ga wasu bukukuwan da suka fi na baya, burin ya sake matsawa. Idan ya kwashi adashi ya sayi wayar riyal 3,000 don hotonsa ya fito kamar na mutane, tarin kusan wata bakwai ya tafi. Haka ake samun wanda ya zo shekara biyu ya yi goma sha biyu, kuma idan ka tambaye shi sai ya ce bai shirya ba tukuna. Wasu har igamarsu ta mutu suna cikin shirin, su koma zaman ɓuya, ƙarshenta a kama su a kai tarhil a mayar da su da kayan jikinsu, wato ainihin komawar da suka shekara suna gudu.

Ga wani abin da bai lura da shi ba. A farkon 2023 buhun siminti yana wajen naira 4,500, riyal kuma a kasuwar canji yana wajen naira 200, wato buhu ya kama riyal 22 da ɗoriya. A 2024 buhun ya kai wajen naira 10,000, riyal ya kai 400, wato riyal 25. A wurin mai karɓar riyal, siminti kusan bai motsa ba. A wurin abokinsa mai albashin naira, ya ninka har da ƙari. Shekarar da direban ya fi jin an bar shi a baya ita ce shekarar da abokan nasa suka fi shan matsi, shi kuwa aljihunsa ya tsira. Wayarsa ba ta gaya masa haka ba, don ba wanda ke sa hoton buhun da ya kasa saya.

Yaya mutum zai gane abin ya fara yi masa ɓarna? Ba a jin zafin farko ake ganewa ba, wannan kowa na jinsa, kuma malamai sun bambanta tsakanin burin samun irin abin da ɗan'uwa ya samu, wanda ba laifi, da son abin ya gushe daga hannunsa, wanda shi ne hassada. Alamar tana cikin abin da mutum ya fara yi. Ya daina ɗaga wayar abokin da a da suke raba dare suna hira. Ya ga hoton suna ya wuce bai ce Allah ya raya ba, ko ya rubuta yana jin ɗaci. Ya koma sitatus ɗin mutum ɗaya sau uku yana ƙara girman hoton don ya gane ƙirar motar. Ya sayi abin da babu shi a lissafinsa makon jiya. Ya ɗage ranar komawa ba tare da wani sabon dalili ba. Wannan ta ƙarshen ita ce mafi tsada, kuma ita ce aka fi yi wa ado da sunan haƙuri.

Gyaran da na ga yana da ma'ana ƙanana ne. WhatsApp yana ba da damar ɓoye sitatus ɗin mutum ba tare da ya sani ba, kuma ba a toshe shi ba, saƙonsa zai shigo, kiransa zai shigo. Mutum ya lura da kansa mako guda, zai ga waɗanda ke tayar masa da hankali ba su wuce biyar ko shida ba; su zai ɓoye, ba ɗari uku ba. Kada kuma ya buɗe a lokacin da ya fi rauni, wato bayan an gama aiki, jiki ya mutu, ɗaki shiru. Amma wanda ya fi duka aiki shi ne kira. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, kuma daƙiƙa kaɗan ce daga rayuwar mai shi; hirar minti goma tana dawo da abin da aka yanke. Sau da yawa ga yadda take kaya wa:

“Mutumina, na ga mota. Allah ya sa alheri, ya tsare hanya.”

“Amin, Alhaji. Kai dai bari. Gonar Baba muka sayar aka raba, na ce gara in sa a wani abu kafin kuɗin su narke. Da daddare haya nake yi da ita. Ku ne fa kuka huta, wallahi ko jiya sai da na ce da ma ni ne a wurinka.”

Ba kullum ake jin haka ba. Wani lokacin abokin ya samu ne da gaske, kasuwa ta yi masa kyau, ba bashi ba gado. To ko a nan kiran ya fi kallon, don an mayar da shi mutum ɗaya mai labari ɗaya, an cire shi daga cikin ƙagaggen mutumin nan mai aure jiya da mota yau. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, cewa a dubi na ƙasa kada a dubi na sama don kada a raina ni'imar Allah, a nan yake da aiki na zahiri: wayar ba za ta kawo maka na ƙasa ba, sai ka neme shi da kanka. A Jidda kuwa ba shi da nisa. Yana bakin asibiti ba takardar shiga, yana cikin haifaffun ƙasar da kakanninsu suka zo da ƙafa ta Sudan amma har yau ba su da shaidar zama.

Sai dai kada a yi wa mutane daɗin baki. Wani jin an bar ka a baya gaskiya ne, kuma ɓoye sitatus ba ya maganinsa. Direban da ya kai shekara 34 ba aure, mahaifiyarsa na tsufa ba ya kusa, abokansa na gina suna da jama'a a gari yayin da shi ba a san shi ba sai a waya, ya rasa wani abu da riyal ba ya saye. Igamar direban gida ba ta ba shi damar kawo iyali, aikin ba shi da matakin ƙarin girma, ba fansho, kuma shekara ashirin a ƙasar ba ta mayar da shi ɗan ƙasa. Idan abin da ke cizonsa ke nan, to zafin yana gaya masa gaskiya, ya saurare shi. Hanyar rarrabewa ita ce ya tambayi kansa ko yana son abin nan tun kafin ya gan shi a wayar wani. Aure da zama kusa da iyaye suna cikin niyyarsa tun ranar da ya hau jirgi. Ɗakin taro da jerin motoci daga baya suka shigo, ta allon waya.

Na farkon yana da adadi da rana, kuma ana iya rubuta su a takarda: riyal 7,500, wata 17, a sanar da wani babba a gida don a samu mai tuni. Kuɗin kuma a bar su a riyal ko a mayar da su abin da ba ya narkewa, kamar fili mai takarda da aka tura amintacce ya gani da idonsa, maimakon a riƙa tura naira tana zaune a asusun wani. Idan canji ya motsa, ko farashin kaya ya tashi, a sake lissafin da sabon farashi, wannan gyara ne na dole. Idan kuwa adadin ya tashi alhali canji bai motsa ba, siminti bai motsa ba, sadaki bai motsa ba, to a duba bikin wa aka kalla a makon.